Tallar neman ma'aikacin sito: yadda za a rubuta ta mutanen da suka dace su zo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sarin shinkafa, mai da sukari a Aboabo, Kumasi, kuma ina neman wanda zai riƙe min sito da lissafin kaya. Na rubuta a WhatsApp: "Ana neman saurayi Musulmi, ɗan unguwa, shekara 20 zuwa 28, lafiyayye, mai digiri, mai Turanci sosai. A turo hoto. Albashi sai mun zauna." Mutum kusan sittin suka turo saƙo, ba wanda ya taɓa riƙe sito. Wata 'yar uwata kuma ta ce rubutun nawa ma bai dace ba. Yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sake karanta tallar taki ki ƙirga kalmomin da suka yi magana a kan aikin, za ki ga babu ko ɗaya. Ba a ambaci sito ba, ba a ambaci buhu ko littafin kaya ba, ba a faɗi ƙarfe nawa ake buɗewa ba. Duk siffar mutum aka zana. Saboda haka duk saurayin da ya ga ya yi kama da wannan siffa ya turo saƙo, tunda ba a tambaye shi ko ya iya aikin ba. Matar da ta yi shekara shida tana ƙirga katan a wani shagon sari a Adum kuwa ta karanta kalmar farko ta wuce abinta, haka magidanci ɗan shekara arba'in da ya riƙe sito a Suwame. Waɗanda suka iya aikin an sallame su tun a layin farko, waɗanda ba su iya ba kuma an buɗe musu ƙofa.

'Yar uwarki tana da gaskiya ta fuskar doka. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, a sashe na 14 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci ga ma'aikaci ko mai neman aiki saboda jinsi, launin fata, ƙabila, addini, matsayin arziki, naƙasa ko siyasa. Tsarin mulki na 1992 ma ya hana irin wannan bambanci a sashe na 17. "Saurayi", "Musulmi" da "lafiyayye" duk sun taɓa wannan jeri kai tsaye. Shekaru ba sa cikin jerin sashe na 14, amma iyakar 28 ɗin asara take ja miki, zan zo kanta. To amma ba tsoron doka ne zai gyara miki tallar ba. Abin da zai gyara ta shi ne ki ɗauki kowace kalma ki tambayi kanki: me nake gudu da na rubuta wannan? Kusan kullum akwai buƙata ta gaske a ƙarƙashinta. Wannan buƙatar za ki rubuta, ki goge kalmar.

Kafin ki taɓa rubutu, ɗauki takarda ki zauna a shagon yini ɗaya ki rubuta abin da mai siton zai yi daga buɗewa zuwa rufewa. A irin shagonki abin ba ya wuce haka: mota ta kawo kaya, ya ƙirga buhu da jarka yana dubawa da takardar da direba ya zo da ita, ya sa hannu. Ya shigar a littafi. Idan an sayar, ya fitar da kaya bisa rasit, ya rage a littafi. Ya jera kaya yadda tsohon zai fita kafin sabo, ya duba kwanan lalacewa a jikin katan ɗin madara da tumatirin gwangwani. Ƙarshen mako ya ƙirga abin da ke ƙasa ya gwada da abin da ke rubuce. Wannan takardar ita ce ma'auninki. Duk sharaɗin da ba ki iya nuna layinsa a cikinta ba, ba shi da gurbi a talla.

Mu gwada da "saurayi". Na san abin da ke ranki buhun kilo 50 ne. To duba takardar: mai siton ne yake sauke mota, ko 'yan dako ne? A mafi yawan shagunan sari 'yan dako ne suke saukewa, mai sito yana tsaye da biro. Idan haka ne, ƙarfin ƙirji ba sharaɗi ba ne. Idan kuwa lokaci-lokaci zai ja jarkar mai ta lita 25 ko ya gyara jerin katan, sai ki rubuta haka da nauyinsa, kowa ya auna kansa. Wanda ya taɓa tsayawa a Kejetiya ya ga kayan da mata 'yan kaya suke ɗorawa a kai ba zai ce ɗaukar nauyi sai namiji ba. A nan ne kawai shekaru suke da hujja: Dokar Yara ta 1998 ta sa ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari, waɗanda ba a ba wanda bai kai 18 ba. Don haka "shekara 18 zuwa sama" magana ce mai tushe. Rufin 28 kuwa ba shi da ita, kuma yana karo da abin da kike so: kina neman natsattse mai gogewa, kin kuma kori shekarun da ake samun irinsa.

"Musulmi" da "ɗan unguwa" su ne suka fi bukatar a tsaya a kansu, domin mutanenmu da yawa ba sa jin su a matsayin wariya, suna jin su a matsayin taka-tsantsan. Abu uku ne yawanci a ƙarƙashinsu. Na farko amana: za ki damƙa wa mutum makullin dukiya, kina son wanda idan abu ya ɓace kin san ƙofar gidan da za ki buga. Wannan buƙata ce ta halal, amma addini ba ya biyan ta, kuma duk ɗan kasuwar zango ya san wanda ɗan ɗakinsa ya cinye wa jari. Abin da yake biyan ta shi ne mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya daga cikinsu wanda ya taɓa yi wa aiki, ki kira shi da kanki ki tambaya ko an taɓa samun giɓi a hannunsa. Sai kuma tsarin ƙirga kaya kowane mako tare da ke ko wakilinki, kowa ya sa hannu. Ki rubuta waɗannan biyun a tallar. Mai niyyar ɓarna idan ya ga za a riƙa ƙirga duk Asabar yakan nemi wani shagon.

Na biyu tsarin shagon: kuna rufewa ranar Juma'a da rana, kuna tsayawa salla, a watan azumi lokaci yakan canza. Ki faɗi haka a matsayin yadda shagon yake tafiya. Wanda zai iya zai zo, ko wane addini yake bi. A gefe guda ma, ma'aikacin da ba Musulmi ba yakan zame wa mai shago sauƙi ranar Juma'a idan mota ta iso ƙarfe ɗaya.

Na uku zuwa a kan lokaci. Kina tsoron wanda zai taso daga nesa ya maƙale a cunkoson Anloga Janshin. To ki rubuta inda shagon yake da ƙarfen da ake buɗewa. Mai zama a Tafo da yake fitowa da wuri ya fi ɗan bayan layinku da sai an aika a tashe shi. Kalmar "ɗan unguwa" kuma tana da wata illa: a kunnen Batone ko Bafrafre ko Badagombe da ke zaune a Asawase ma, tana iya nufin "namu kaɗai". Haka in kina bukatar yare, ki nemi yaren, kada ki nemi ƙabilar. "Mai jin Hausa da Tonanci" sharaɗin aiki ne, tunda da su ake magana da direbobi da masu saye. "Bahaushe" kuwa sharaɗin haihuwa ne, kuma akwai waɗanda aka haifa a zango suna Hausa kamar ruwa alhali ba Hausawa ba ne.

Digiri shi ne ya fi cutar da ke. Mai digiri da ya karɓi aikin sito a kan wannan albashi yana jiran wani wuri ne ya kira shi, wata huɗu ko biyar sai ki koma neman wani. Wanda zai zauna ya daɗe sau da yawa takardar BECE ko WASSCE ce da shi, wani ma makarantar allo ya yi ya koyi boko a kasuwa, amma lissafin buhu ba ya kuɓuce masa. Abin da aikin yake so shi ne karanta takardar kaya, rubutu mai karantuwa, da tarawa da ɗebewa da ninkawa ba kuskure. Wannan ba sai an tambayi takarda ba, gwada shi ake yi. Haka "Turanci sosai": Turancin da ke jikin rasit da katan ne ake bukata, sai ki ce "ya iya karanta rasit da takardar kaya da Turanci". Mutane da dama masu iya wannan suna ja da baya idan suka ga "sosai", don sun ɗauka za a sa su jawabi.

"Lafiyayye" kuma ba ta gaya wa kowa komai, sai dai ta kori mai ɗingishi ko mai hannu ɗaya da zai iya riƙe littafi fiye da kowa. Bayan Dokar Ƙwadago, Dokar Masu Naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ita ma ta hana a ƙi mutum saboda naƙasarsa sai idan ta shafi aikin kansa. Ki siffanta wurin: siton a ƙasa yake ko sai an hau bene, ana tsayuwa da yawa ko akwai wurin zama. Hoto kuwa ki cire shi gaba ɗaya. Fuska ba ta ƙirga buhu, kuma mata da yawa, da iyayensu da mazansu, suna ɗaukar tallar da ta ce a turo hoto a lambar da ba su sani ba a matsayin tarko. Haka kada ki ce a turo hoton Ghana Card tun farko. Wanda kika zaɓa ne kawai zai kawo nasa, ba ki da amfanin tara katin mutum sittin a wayarki.

Yanzu kuɗi. "Sai mun zauna" tana jawo wanda ba shi da zaɓi, tana kuma korar wanda yake da aiki a hannu, domin ba zai bar shagon ubangidansa ya biya kuɗin mota ya zo ya ji abin da bai kai wanda yake samu ba. Ki sa adadi, ƙasa da sama, kuma ki yi lissafinsa tukuna. A ce kin yanke sidi 1,600 a wata. Gudummawar fansho ta dole kashi 13 ne cikin ɗari daga mai ɗaukar aiki, wato sidi 208, da kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci, wato sidi 88. Ke nan abin da zai fita daga aljihunki 1,808 ne, shi kuma zai ga 1,512 kafin a cire haraji. Rigimar watan farko yawanci daga nan take tashi: an ce masa 1,600, ya ga abin da ya shigo MoMo bai kai ba. Shi ya sa za ki rubuta "kafin a cire fansho da haraji". Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2025 sidi 19.97 ne a yini, kuma ana sabunta shi, amma wannan ƙasan doka ne kawai, ba wanda ya iya sito da zai zo a kansa. Ki tambayi masu shago biyu ko uku a layinku abin da suke biya, ki tsaya kusa da su ko ki ɗan ɗara.

Lokacin aiki ma ki yi hankali da shi. Doka ta ce awa 8 a yini ko awa 40 a mako, da hutun awa 48 a jere kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15. Shagon sari kuwa yakan buɗe kwana shida. Hanya mai sauƙi ita ce mai siton ya yi Talata zuwa Asabar, ya huta Lahadi da Litinin, ke ko yaron shago ku riƙe Litinin, duk abin da ya wuce awa takwas kuma a yanka masa kuɗinsa tun farko.

Ga yadda tallar za ta iya fitowa. Adadin kuɗin misali ne, ki sa naki:

"Ana neman mai kula da sito a shagon sarin kayan abinci a Aboabo, Kumasi. Aikin: ƙirga kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, shigar da su a littafi, jera kaya da duba kwanan lalacewa, da ƙirgar mako duk Asabar tare da mai shago. 'Yan dako ne suke sauke mota, amma wani lokaci za a ja jarka mai lita 25. Siton a ƙasa yake, ba bene. Talata zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, da hutun awa ɗaya. Ranar Juma'a muna rufewa lokacin salla. Albashi sidi 1,500 zuwa 1,800 a wata gwargwadon gogewa, kafin a cire fansho da haraji. Gwajin wata uku, da takardar aiki tun farko. Dole ne: shekara 18 zuwa sama, iya karanta rasit da Turanci, iya lissafi, jin Hausa ko Tonanci, da mutum biyu masu tsayawa. Zai ƙara daraja: taɓa aiki a sito ko shagon sari, ko iya Excel. Mace ko namiji, kowane addini ko ƙabila, da masu naƙasa, duk suna iya nema. A turo saƙon rubutu ko na murya a lambar shago da ke ƙasa: suna, inda aka taɓa aiki, da amsar wannan: littafi ya ce buhu 120, ka ƙirga ka ga 117, me za ka fara yi? Za a rufe karɓa bayan kwana goma daga yau. Ba ma karɓar ko kwabo daga mai neman aiki."

Ki lura da raba "dole ne" da "zai ƙara daraja". Idan aka cakuɗa su wuri ɗaya, mai kunya da mai gaskiya sukan ɗauka duka dole ne su fasa, mai ƙarfin hali kuma ya nema ko bai cika ko ɗaya ba. Na dole kada su wuce biyar. Layin "ba ma karɓar ko kwabo" yana da aiki, domin tallar bogi da ake cewa a turo kuɗin fom ta MoMo ta yi yawa har mutane suna zargin ta gaske. Saƙon murya kuma yana buɗe hanya ga wanda ya iya aiki amma ba shi da takardar tarihin aiki da aka buga a kwamfuta. Ki sa ainihin kwanan rufewa a wurin "kwana goma", tunda saƙo yakan yi wata yana yawo a waya.

Tambayar buhu 117 ita ce rariyarki. Wanda ya san aiki zai ce zai sake ƙirgawa, ya duba rasit na ƙarshe ko an fitar da kaya ba a rubuta ba, ya duba takardar motar ƙarshe ko dama ba su cika ba, sannan ya sanar da mai shago a ranar. Wanda ya ce zai gyara littafin ya koma 117, ko zai cike daga aljihunsa ya yi shiru, kin ji abin da ya kamata ki ji. Wanda bai amsa ba ma, bai karanta tallar ba. Daga nan ki kira mutum biyar ko shida, ki ba kowa gwaji iri ɗaya na minti goma sha biyar: tsohuwar takardar kaya, jerin katan a ƙasa, ya ƙirga ya rubuta. A zaman kada ki dawo da abin da kika goge, wato tambayar aure, ko juna biyu, ko garin kakanni. Kowa ki tambaye shi abu ɗaya: lokutan nan za su yiwu?

Wurin da aka sa talla shi ma yana tace mutane ko da rubutun ya yi kyau. Idan a zauren WhatsApp na dangi da allon masallaci kaɗai ta tsaya, mutanen da kika riga kika sani ne za su gani. Ki manna ta a ƙofar shago da Hausa da Turanci, ki ba direbobin da suke kawo miki kaya, domin su ne suka san masu siton da suka iya ƙirga a duk faɗin Kumasi, ki kuma tura wa shugabar matan layinku a kasuwa.

Bayan kwana goma, saƙonnin da suka shigo za su nuna miki inda saura gyara. Idan sun yi yawa kuma ba wanda ya dace, bayanin aikin bai fito ba ko kin bar tambayar gwaji. Idan ƙalilan ne, ko sharuɗɗan dole sun yi yawa ko albashin yana ƙasa da na layi. Idan kowa yana kira yana tambayar abu guda, wannan abin ne ya ɓace a rubutun, ki ƙara shi ki sake turawa. Idan kuma duk masu neman maza ne 'yan layinku, alhali kin rubuta kowa yana iya nema, tallar ba ta fita daga unguwa ba, sai ki ƙara kwana biyar ki kai ta Adum da Tafo.